Sunana iri huɗu ne a takarduna, wanne zan kai fasfo?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Tsafe a jihar Zamfara. Ina son neman gurbin karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, kuma zan zana JAMB ta bana don kada in zauna haka nan idan can bai yiwu ba. Da na tattaro takarduna zan je neman fasfo a Gusau, sai na ga abin da ya tayar mini da hankali. Takardar haihuwa ta ce Abdurrahman Usman Tsafe. Shaidar NECO ta ce Usman Abdulrahman Chafe, don haka malamin da ya cike mana fom ya rubuta. A NIN kuwa Abdul ne sunana, Rahman na tsakiya, Usman na mahaifi, babu sunan gari. Shaidar haddar Alƙur'ani da Larabci take, wanda ya fassara mini ita ya rubuta Abd al-Rahman Uthman. Mai shagon intanet ya ce in je kotu in yi rantsuwa, shi ke nan magana ta ƙare. Ni kuma raina ya fi kwanciya da Abdurrahman, don shi ne daidai a Larabci, kuma shi aka raɗa mini. Wanne zan riƙe, kuma ta ina zan fara?

Wani ɗalibi daga Tsafe. An musanya sunayen da makamantansu don a sakaya shi.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya yi wa karatu albarka.

Kada ka je neman fasfon nan tukuna. Wannan ne abu na farko, kuma ka yi sa'a da ka tsaya ka duba kafin ka biya kuɗi. A yanzu duk abin da ke gabanka gyara ne mai sauƙi. Ranar da aka buga fasfo da sunan da ke NIN ɗinka, ya zama wani aiki daban, mai kuɗi da jira.

Shawarata ba za ta yi maka daɗi ba da farko: ka riƙe rubutun da ke kan shaidar NECO. Usman, Abdulrahman, Chafe. Shi za ka jawo sauran takardu zuwa gare shi.

Na san kana da gaskiya a Larabce. Lam ɗin da ke zuwa kafin ra ba a furta ta, ra ce ake yi wa shadda, kuma duk yaron da ya yi karatun haruffan shamsiyya a Islamiyya ya san Abdurrahman ake cewa. Amma ma'aikacin da zai duba takardunka, ko a Gusau ko a Abuja ko a Madina, ba nahawu aka sa shi dubawa ba. Takarda biyu yake ajiyewa gefe da gefe ya ga ko haruffan sun zo ɗaya. Sau da yawa ma ba mutum ne ke dubawar farko ba, kwamfuta ce, ita kuwa harafi ɗaya ya ishe ta ta ce mutum biyu ne. Saboda haka abin da ya kamata ka auna shi ne wace takarda ce ta fi wuyar canzawa, don ita ce sauran za su bi.

Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Fassarar shaidar hadda ba komai ba ce, gobe ma sai a sake ta. Ita kanta shaidar haddar makarantarku ce ta bayar, kuma shugaban makarantar ya san ka ya san gidanku. NIN akwai hanyar gyara shi da hukumar NIMC ta buɗe, mutane suna bi kullum. Takardar haihuwa ba a cika tsananta mata ba idan akwai takardar rantsuwa tare da ita. Shaidar sakandare ita ce mai taurin kai. Hukumomin jarrabawa ba su karɓar gyaran suna daga hannun ɗalibin makaranta kai tsaye, sai ta hannun shugaban makarantar da ta yi masa rajista, kuma idan abin da suka buga shi ne abin da makarantar ta aika musu, to a wajensu ba kuskure aka yi ba. Da sakamako ne kawai ya fito ba a buga shaida ba, da na ce ka garzaya wajen shugaban makarantarku yau. Tunda shaidar tana hannunka, ka ɗauka ta zauna. Ita ce kuma za ta bi ka har tsufa: da ita za ka shiga jami'a, da ita za a tantance ka a bautar ƙasa, da ita za ka nemi aiki, ko bayan shekara talatin ka tsaya takara ita za a nema.

Da abin da ke kanta ɓarna ce ta gaske, kamar a ce an rubuta Abdulrahaman ko an sa sunan da ba naka ba, da sai in ce a yi ta fama har a gyara. Naka ba haka yake ba. Abdulrahman rubutu ne da dubban mutane ke ɗauke da shi a fasfo, Chafe kuma tsohon rubutun sunan garinku ne da ke cikin tsofaffin takardu da taswira, har yanzu akwai 'yan garin da shi suke sa hannu. Babu abin kunya a ciki. Kuma babu abin da zai taɓa sunan da aka raɗa maka ranar suna. Mahaifinka zai ci gaba da kiranka yadda ya saba, a Madina ma malamanka da Larabci za su rubuta, su kira ka Abdurrahman da shaddarsa.

Yanzu ga abin da ya sa na ce kada ka je neman fasfo. Hukumar shige da fice daga NIN take ɗauko sunanka. Kana shigar da lambar nan mai lamba 11 a shafinsu, suna da ranar haihuwa su fito da kansu, kuma ba za a buga maka abin da ya saɓa wa wannan ba. Ka karɓi fasfon wani ka duba ƙasan shafin hoto, za ka ga layi biyu cike da alamar <. Wannan shi ne abin da na'urar filin jirgi da ta ofishin biza ke karantawa. Kowane layi gurbi 44 ne, kuma ƙa'idar ta duniya ce baki ɗaya, hukumar ICAO mai kula da sufurin jiragen sama ce ta tsara ta. Da ka je da NIN ɗinka yadda yake, layin farko zai fito kamar haka:

```
P<NGAUSMAN<<ABDUL<RAHMAN<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<
```

Alama biyu a jere ita ke raba sunan da fasfo ke kira Surname da sauran sunaye, alama ɗaya kuma tana nufin an gama suna an shiga wani. Ka ga ke nan a idon kowace na'ura sunanka Abdul, akwai wani suna Rahman a bayansa. Wanda zai rubuta wannan da Larabci zai iya raba su gurbi biyu, ya mai da Rahman sunan mahaifinka, kai kuwa ka fi ni sanin nauyin wannan. Abin da muke so ya fito shi ne:

```
P<NGAUSMAN<<ABDULRAHMAN<CHAFE<<<<<<<<<<<<<<<
```

Layin nan ba ya ɗaukar komai sai manyan haruffan boko daga A zuwa Z, da lambobi, da alamar nan. Babu ɗ, babu ƙ, babu ɓ. Waƙafin sama da ke cikin Mu'azu ko Sa'adatu zubar da shi ake yi, su koma MUAZU da SAADATU. Karan ɗori na Abdul-Rahman kuwa alamar rabuwa yake komawa, wato ya sake raba sunan biyu. Shi ya sa nake gaya wa duk mai suna irin naka ya rubuta shi a haɗe, ba tazara ba karan ɗori. Mutanen Ƙaura Namoda da Talatar Mafara da Birnin Kebbi masu taƙaita sunan gari su rubuta K/Namoda, T/Mafara ko B/Kebbi, su ma nan suke gamuwa da matsala, don layin bai san wannan karan ba.

To, ta ina za ka fara? Ka samu takarda fara ka rubuta sunan da manyan baƙi a gurbi uku, daidai yadda fom ke tambaya:

```
Surname: USMAN
First Name: ABDULRAHMAN
Middle Name: CHAFE
```

Kafin ka amince da wannan jeri, ka duba takardar rajistar NECO ɗinka idan tana nan, ko ka tambaya a makarantarku, ka tabbata Usman ne aka sa a gurbin Surname. Hukumomin jarrabawa sun saba fara buga shi, shi ya sa ya zo a gaba a shaidarka. Wannan gurbi ya fi rikita mutanenmu fiye da bambancin harafi, domin mu ba mu taso da sunan dangi guda da ake gado ba. Yau mutum ya sa sunan mahaifi, gobe sunan kaka, jibi sunan gari. Wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya sai ka ga kowa da nasa. Kai dai daga yau Usman ne naka a wannan gurbi, ko da wani fom ya kira shi Last Name ko Family Name. Ka ɗauki hoton takardar a waya. Duk inda za a rubuta sunanka, kada ka faɗa da baki, ka miƙa a kwafa. Yawancin bambancin da ke takardun mutane daga nan ya samo asali: an tambayi suna, an faɗa, mai rubutu ya rubuta yadda kunnensa ya ji da yadda aka saba a garinsu.

Daga nan sai kotu. Mai shagon intanet bai yi ƙarya ba da ya ce ka yi rantsuwa, inda ya kuskure shi ne cewa magana ta ƙare a nan. Takardar rantsuwa ba ta canza ko harafi ɗaya a kwamfutar kowace hukuma. Aikinta biyu ne: ita ce hujjar da za ka kai a yi maka gyara, kuma ita ce ke bayyana wa mai dubawa dalilin da tsohuwar takarda ta bambanta da sabuwa. Ka je rajistarar Babbar Kotu a Gusau, wajen jami'in da ke karɓar rantsuwa. Abin da nake so ka kula da shi shi ne abin da za a buga a ciki. Masu buga takardu a bakin kotu suna da tsari guda da suke cusa sunan kowa, kuma sau da yawa na canjin suna ne, mai cewa da ana kirana kaza yanzu ina so a kira ni kaza. Kai ka sa a jero dukkan rubutun nan huɗu, kowanne da takardar da yake kai, a ce duk mutum ɗaya ne, a ce daga yau rubutun da za a bi shi ne na shaidar NECO, sannan a ce takardun baya suna nan da ƙarfinsu. Ka karanta harafi da harafi kafin ka sa hannu. Takardar rantsuwa mai kuskure rubutu na biyar ta ƙara maka. Ka karɓi rasit, ka tabbata akwai hatimin kotu.

Sai sanarwa a jarida ta ƙasa, da kalmomi iri ɗaya da na rantsuwar. Ranar da ta fito ka sayi kofi biyu ko uku, kuma kada ka yanke ɗan gurbin da sunanka yake. Shafin gaba ɗaya ake so, inda sunan jaridar da kwanan wata suka fito a sama.

Da waɗannan biyu da shaidar NECO za ka nemi gyaran NIN. Hukumar NIMC tana da shafin da mutum ke neman gyara da kansa, ana biyan kuɗi ta intanet, a ɗora hoton takardun. Ka yi da wayarka, da lambarka, da imel ɗin da kai ke riƙe da mabuɗinsa. Idan dole sai wani ya taimaka maka, ka zauna kusa da shi idonka a kan allo, kada ka bar masa takardu ka tafi sallah ka dawo. Gyara uku ne a wuri guda: a haɗe Abdul da Rahman a gurbin farko, a cire Rahman daga tsakiya, a sa Chafe. Tunda kana ciki, ka duba ranar haihuwa ita ma ta yi daidai da ta shaidar sakandare, don gyaranta hanyarsa daban ce kuma ya fi tsada.

Bayan an ce an amince, ka fitar da sabuwar takardar NIN ka gani da idonka. Ko ka gani ma kada ka ruga washegari. Gyaran yakan ɗauki lokaci kafin ya bayyana a wajen sauran hukumomin da ke ɗauko bayani daga can. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ka buɗe shafin neman fasfo, ka sa lambarka, ka ga sunan da zai fito. Idan tsohon ne, ka rufe ka dakata, kada ka biya.

Wannan jiran ya shafi JAMB kai tsaye, kuma nan ne na fi ji maka tsoro saboda lokaci. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN. Ɗalibi yana tura kalmar NIN da lambarsa ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, a dawo masa da lambar da zai yi rajista da ita, kuma sunan da ke NIN a wannan lokacin shi ake ɗauka. Wanda ya tura saƙon kafin gyara, ya shiga da tsohon suna. Daga JAMB sunan ke wucewa takardar shiga jami'a, daga nan ya shiga rajistar jami'a, ya hau kan digiri, ya isa jerin sunayen da ake aika wa hukumar bautar ƙasa. Akwai masu gano wannan bambanci sai suna aji huɗu, lokacin da abokan karatunsu ke shirin tafiya sansani su kuma suna zarya tsakanin ofisoshi. Don haka kada ka tura saƙon sai sabon suna ya zauna. Banki kuma ka bari sai ƙarshe: ka je da sabuwar takardar NIN da ta rantsuwa ka cike fom a daidaita BVN.

Ranar ɗaukar hoto da zanen yatsa a ofishin fasfo, ka nemi ganin abin da aka shigar kafin ka tashi daga kujera. Ranar karɓa kuma ka karanta shafin hoto da layukan nan biyu tun kana tsaye a wurin.

Saura ɓangaren Larabci, wanda mutane suka fi sakaci da shi. Mai fassararka bai yi kuskure ba a iliminsa. Ya ga عثمان ya rubuta Uthman, don haka ake mayar da harafin ث a littattafan ilimi. Mu muna cewa Usman, wasu ƙasashe Osman, wasu Othman, duk daga baƙaƙe guda. Rubutun Larabci na yau da kullum ba ya sa wasali, shi ya sa محمد ke fitowa Muhammad, Mohammed, Muhammed ko Mohammad gwargwadon wanda ya riƙe alƙalami. Ga kuma sunayen da bakin Bahaushe ya daɗe da mayarwa nasa. Wanda fasfonsa ya ce Dahiru, mai fassara zai ga طاهر ya rubuta Tahir. Murtala ya koma Murtada, Mu'azu ya koma Mu'adh, Abubakar ya rabu biyu ya zama Abu Bakr. Babu ɗaya a ciki da za a ce ƙarya ne, amma kowanne yana iya sa a ajiye takardar mutum gefe. Ƙa'idar a nan guda ce: mai fassara ba shi ke zaɓar rubutun suna ba. Jimlolin shaidar nasa ne ya fassara, suna kuwa daga fasfo zai kwafa. Saboda haka ka jingine waccan fassarar, ka bari sai fasfo ya fito, ka kai masa kwafin shafin hoto ka ce ga yadda za a rubuta. Masu fassara da suka san aikinsu su ne ma ke fara tambayar fasfo.

Haka kuma idan aka juya, za a mai da shaidar NECO da takardar haihuwa zuwa Larabci. Nan ma rubutu ɗaya za ka tsayar ka riƙe. Sunanka ana rubuta shi عبد الرحمن da tazara, ana kuma rubuta عبدالرحمن a haɗe, wasu har su ƙara alif su rubuta الرحمان. Ka bi yadda yake a shaidar haddarka. Usman ba shi da rikici. Sunan garin ne ke buƙatar natsuwa, domin Larabci ba shi da harafin c kuma ba shi da ts. Kai da ka yi allo hannunka zai so ya rubuta shi da ajami, inda muke amfani da ث a madadin c. Kada ka yi. Balarabe zai karanta shi da sautin da ya sani, ya mai da shi boko ya fito da Thafi, sunan da ba ya kan kowace takarda taka. Wani mai fassarar kuma zai rubuta شافي, wanda kalma ce ta Larabci mai ma'anarta daban, a karanta Shafi. Abin da Larabawa suka saba yi wa wannan sauti a sunayen waje shi ne haɗa ت da ش, don haka تشافي ya fi kusa da abin da ke fasfo. Ka ƙara shi a farar takardar nan taka, a ƙarƙashin na boko. Mutanen Argungu da Gummi da Gwandu suna da irin wannan da harafin g, wanda mu muke rubutawa da غ, wani mai fassara ya sa ج wani ya sa ق. Su ma ɗaya za su zaɓa su tsaya a kai.

Shaidar haddar ba ta da sunan gari. Ka je wajen shugaban makarantar da ladabi, ka nuna masa fasfo, ka roƙi ya sake rubuta ta da cikakken sunan, in da hali a sa na boko a gefen na Larabci. Idan ba za a iya sakewa ba, wasiƙa mai hatimin makaranta da ke cewa mai wannan shaida shi ne mai wannan fasfo za ta wadatar a mafi yawan wurare. Duk wannan ka gama shi kafin a kai takardu Abuja a buga musu hatimin Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje da na ofishin jakadanci. Hatimi yana kan takardar da aka buga wa ne kaɗai. In ka sake fassara bayan an buga, sai ka sake bin layin daga farko, da kuɗin mota daga Gusau da na masauki.

Akwai wani tarko a fom ɗin ƙasashen Larabawa. Su suna jera suna ne da tsarin nasaba: sunan mutum, na uba, na kaka, sannan na dangi. Fasfonka kuwa zai nuna ABDULRAHMAN CHAFE a gurbin Given Names, USMAN a gurbin Surname. Wanda bai san mu ba zai ɗauka Chafe ne mahaifinka. Inda fom ya ce a rubuta suna kamar yadda yake a fasfo, ka kwafa yadda yake, ko da jerin bai yi maka daɗi ba, kuma na Larabcin ya bi wannan jeri. A gurbin اسم العائلة ka sa abin da fasfo ya kira Surname. Inda aka tambayi sunan uba ko na kaka a gurbi na daban kuma ba a yarda a bar shi fayau ba, gaskiya za ka rubuta, mahaifinka Usman ne, kakanka kuma sunansa na ainihi. Sai dai ka adana hoton abin da ka cike, don duk fom na gaba ya zo iri ɗaya. Abin da nake hana ka shi ne ka ga gurbi huɗu ka ƙirƙiro sabon jeri don ya yi kama da na Larabawa, ka saka bin, ko ka ƙara al a gaban sunan gari. Takardar karɓa da wannan sunan za ta fito, biza kuma da sunan fasfo ake bugawa, ranar da aka haɗa su biyun sai an nemi bayani. Tikitin jirgi ma daga layin nan na ƙasan fasfo za a kwafa.

Ka zauna da mahaifinka ka yi masa bayani kafin ka je kotu. Dattawa da yawa ba su jin daɗin a ce yaro ya je ya yi rantsuwa a kan suna, suna ɗauka canza shi zai yi. Ka nuna masa takardun huɗu a jere, ka ce masa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, sunan da ya ba ka yana nan, rubutunsa ake daidaitawa. Idan kana da ƙanne da ba su kai aji shida ba, ku duba nasu tun yanzu, NIN da takardar haihuwa su zo ɗaya kafin makaranta ta tura sunayensu hukumar jarrabawa, kuma ranar da aka kawo takardar tantance suna a aji, su karanta kafin su sa hannu.

Mai yiwuwa lokaci ya ƙure maka, a kusa rufe rajistar JAMB gyaran NIN bai fito ba. In haka ta faru, kada ka rasa shekara saboda wannan. Ka yi rajistar da abin da ke akwai, ka riƙe rasit ɗin neman gyara da takardar rantsuwa, kuma da zarar sabon suna ya fito ka je ofishin JAMB na jiha ka nemi gyaran bayanai, tun kafin a ba ka gurbi, don a lokacin bai wuce zuwa kowace jami'a ba. Fasfo kuwa ban yarda ka yi masa wannan gaggawar ba. Na shafi 32 shekara biyar yake yi, na shafi 64 shekara goma, kuma canza bayani a kansa nema ne na daban da sai an amince. Idan har zagayen neman gurbin Madina na bana zai rufe kafin NIN ya daidaita, ka bari sai na gaba, ka yi amfani da watannin ka kammala fassara da hatimi da wasiƙar makarantar hadda.

Allah ya sa a dace, ya ba ka ilimi mai amfani. Ka gaishe da mahaifinka.